Kaya a Hoto, Kuɗi a Hannu: Haɗarin Sayar da Abin da Ba Ka Ajiye Ba

Duk wanda ya saba shiga Kantin Kwari a Kano ya san 'yan kayi-nayi. Kana tsaye kana waige-waige, sai wani matashi ya tare ka da fara'a: "Alhaji, wace iri ake nema?" Ka faɗa masa irin shaddar da kake so. Ya ba ka benci, ya ce minti biyar, ya kutsa cikin layi. Ba shi da shago, ba shi da ko yadi ɗaya nasa na kansa, amma ya san wanda yake da ita. Can sai ga shi da ita a kafaɗa. Ka taɓa, ka ɗaga ta a hasken rana, ku yi ciniki, ya ɗora ɗan abin da zai samu a kan kuɗin mai shago. In kuwa ya je ya tarar ta ƙare, zai dawo ya ce babu, ka tashi da kuɗinka a aljihu, ba wanda ya cuci wani.

Sana'ar da matasa ke kira dirofshifin 'yar uwar wannan ce ta jini. Mai sayarwa ba ya sayen kaya ya ajiye. Yana karɓar hotuna da farashi daga dila, ya ɗora ribarsa, ya sa a sitatus ɗin WhatsApp ko Instagram ko shagonsa na intanet. Kwastoma ya gani ya turo kuɗi, shi kuma ya tura wa dila kuɗin sari tare da adireshin kwastoman, dila ya ɗaure kaya ya aika kai tsaye. Dilan yana iya zama a Kwari ko Sabon Gari, yana iya zama a Legas, yana iya zama a Yiwu ko Guangzhou ta ƙasar Sin, ana mu'amala da shi ta AliExpress ko 1688. Mai sayarwa sau da yawa ba ya ganin kayan da idonsa daga farko har ƙarshe.

Amma abu biyu sun bambanta shi da ɗan kayi-nayi, kuma a cikinsu duk matsalar take. Na farko, kuɗi ne ke riga kaya zuwa: an karɓi kuɗin mutum kafin a tabbatar akwai abin da za a ba shi. Na biyu, gudun nan na minti biyar ya zama na awoyi, ko kwanaki, wani lokaci makonni.

Masu koyar da wannan sana'a da kuɗi suna yawan cewa babu haɗarin kaya a cikinta tunda ba ka zuba jari ba. Rabin maganar gaskiya ce. Ba za ka wayi gari da sito cike da mayafan da yayinsu ya wuce ba, gobara ko ambaliya ba za su ci maka haja ba. Sai dai haɗarin bai tafi ko'ina ba, kama ya sauya. Mai shago yana tsoron kaya su ƙi fita. Kai kuma abin tsoronka shi ne ka yi alƙawarin kayan da suka riga suka fita. Shi asararsa ta kuɗi ce, yana ganinta a kan kanta, yana iya karya farashi ya rage zafi. Kai taka ta haɗa da kuɗi da mutunci, kuma ba ka saninta sai ta riga ta afku.

Kamfanin da ya ajiye kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinsa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce da dilolin da ba su da tsari. Kamfanin Zappos na Amurka, mai sayar da takalma ta intanet, a kan wannan tsari ya tashi a 1999. Wanda ya kafa shi, Nick Swinmurn, da farko shagunan takalma yake bi yana ɗaukar hoto, in an saya ya koma ya biya ya aika. Daga baya suka ƙulla da manyan kamfanonin takalma, su ke turo musu lissafin abin da ke ƙasa, su ke aika wa kwastoma daga rumbunansu. Shugaban kamfanin, marigayi Tony Hsieh, ya bayyana a littafinsa Delivering Happiness na 2010 cewa wannan lissafi da ake turo musu, in ya yi kyau ƙwarai, kashi 95 cikin ɗari ne daidai. Wato a kowace oda ɗari, kusan biyar sai an koma an ba kwastoma haƙuri. A 2003 suka rufe wannan ɓangare gaba ɗaya, alhali yana kawo musu kimanin kashi 25 cikin ɗari na cinikinsu, kuma a lokacin suna cikin ƙuncin kuɗi. Suka koma sayar da abin da ke rumbunsu na jihar Kentucky kaɗai. A 2009 Amazon ya sayi kamfanin a kan kimanin dala biliyan 1.2.

Abin lura a nan ba biliyan ɗin ba ne. Waɗancan dilolin manyan kamfanoni ne masu kwamfutoci da ma'aikatan ƙirga kaya, duk da haka biyar cikin ɗari kuskure ne. To ina ga dilan da lissafinsa ke kansa da kan yaron shagonsa?

Dalilin da ya sa lissafin dila ke saɓawa ba lallai ne rashin gaskiya ba. Babban dalili shi ne tulin kayan ba naka kaɗai ba ne. Hoton da dila ya turo maka, ya tura shi a guruf mai mutum ɗari biyu ko uku, kowa ya kwafa ya sa a sitatus ɗinsa. Ga kuma masu shigowa shago da ƙafarsu, ga 'yan sari daga Maraɗi ko Maiduguri da za su iya kwashe zane guda gaba ɗaya a zama ɗaya. Idan dila ya ce maka "akwai hamsin a ƙasa", gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar wannan sa'ar ce. Hamsin ɗin nan ɗaruruwan mutane ne ke tallata su a lokaci guda, kowa yana ce wa kwastomansa akwai. Kuma kayan da suka fi tafiya, waɗanda kai ma su ne za su fi kawo maka oda, su ne suka fi saurin ƙarewa. Saboda haka kuskuren ba ya rarrabuwa daidai a kan hajarka, yana taruwa ne a kan abin da ka fi sayarwa, a lokacin da ka fi sayar da shi.

Masu shagon intanet da ke amfani da manhaja irin DSers don haɗa Shopify da AliExpress su ma ba su tsira ba. Manhajar tana leƙa adadin dila ne lokaci bayan lokaci, ba kowane daƙiƙa ba, kuma abin da dilan ya rubuta take kwafowa. Da yawa daga masu sayarwa a irin waɗannan dandali su kansu ba su da rumbu, 'yan tsakiya ne, sai oda ta shigo su aika a sayo a kasuwa. Idan ka ga an rubuta 999 ko 9999 a kan kowace kala da kowace lamba, ka san ba ƙirga aka yi ba. Ke nan kana iya zama ɗan kayi-nayi da ke jiran wani ɗan kayi-nayi, wanda shi ma yake jiran wani.

Duk waɗannan suna komawa ga abu ɗaya: tazarar da ke tsakanin lokacin da ka tabbatar da kaya na ƙarshe da lokacin da dila ya ware su da sunanka. A cikin wannan tazara kowa na iya riga ka. Duk wata dabarar kariya da za a faɗa, ko dai tana gajarta tazarar, ko tana rage abin da za ka rasa idan an riga ka.

Ankon biki, turmi talatin

Bari mu buga misali da lissafi. Farashin da zan sa na misali ne kawai, kowa ya musanya da na kasuwarsa.

Wata baiwar Allah tana zaune a Kaduna, tana sayar da atamfa ta waya daga wani dila a Kwari. Wata amarya ta ga zane a sitatus ɗinta ta zaɓe shi a matsayin anko, ƙawaye talatin, kowa turmi ɗaya. Dila yana bayarwa a naira 14,000, ita tana sayarwa 16,000. Ribar da ta hango naira 60,000 ce. Ran Litinin ta tambayi dila, ya ce akwai hamsin. Ta ce wa amarya an gama, kowa ta turo kuɗinta.

Ƙawayen amarya ba sa biya rana ɗaya. Wannan ta turo yau, waccan sai albashi ya shigo, wata sai an yi ta tuni. Ita kuma mai sayarwa tana so ta haɗa kuɗin duka ta yi oda sau ɗaya don ta biya kuɗin webil sau ɗaya. Sai da aka kwana tara kafin naira 480,000 ta cika. Ta kira dila da murnarta, ya ce: "Hajiya, ai wannan ta tafi, saura sha takwas."

Duba abin da ke gabanta. Ta sayi sha takwas ɗin a naira 252,000 don kada su ma su tafi, ta sa yaro ya zaga kasuwa neman sauran sha biyun. An samu a wani shago, amma mai shagon ya ga ana nema ruwa a jallo, ya ce 17,500. Sha biyu sun kama 210,000, alhali abin da ta karɓa a kansu 192,000 ne, ta yi cikon 18,000 daga aljihunta. Ribar sha takwas ɗin farko 36,000 ce, a cire 18,000, saura 18,000. A cire 5,000 na yaron da ya yi zagaye, da 4,000 na webil na biyu. Ribar 60,000 ta koma 9,000.

Wannan in Allah Ya taimaka ke nan. Akwai abin da ya fi haka ciwo, kuma masu harkar atamfa sun san shi sarai: zane ɗaya yana iya fitowa daga kamfani fiye da ɗaya, a daraja fiye da ɗaya, kuma ko a kamfani ɗaya bugun yau da na watan jiya kalarsu kan ɗan saɓa. A hoton waya ba a gani. Ranar kamu, da ƙawaye suka jeru, kowa zai ga cewa sha biyu daga ciki shuɗinsu ya fi duhu. In kuma ba a samu cikon ba kwata-kwata, anko ba ya yiwuwa da rabi. Amarya za ta sauya zane, kowa ta nemi kuɗinta, mai sayarwa ta nemo 480,000 ta mayar alhali 252,000 daga ciki sun zama atamfa. Wadda ta shiga sana'ar don kada ta riƙe kaya, ga ta da turmi sha takwas a ɗaki da bashin mutum talatin a wuya, ga telolin da aka riga aka yi wa magana, ga biki saura mako biyu.

Ina kuskuren yake? Ba a zaɓin dila ba ne, bai yi mata ƙarya ba. Kuskuren kwana taran nan ne da ta bar tazara a buɗe. Da a ranar Litinin ɗin ta ce wa amarya: ba zan ce miki akwai ba sai an ware, ki turo kafin alƙalami na naira 2,000 a kan kowane turmi, 60,000 ke nan, in tura wa dila ya cire talatin daga bandir ɗaya ya rubuta sunana, ya turo min bidiyonsu a ɗaure, sannan ƙawaye suna da kwana bakwai su cika, kuma ta hannun mutum ɗaya za a tara. Da ta yi haka, tazarar ta koma awa ɗaya maimakon kwana tara. In amarya ta ƙi bayar da kafin alƙalami, to ba a yi ciniki ba tukuna, kuma gara a sani tun ranar.

Gajarta tazara

Ga wanda odarsa ba ta wuce biyar ko goma a rana ba, magani mafi sauƙi shi ne juya tsarin ya koma irin na ɗan kayi-nayi: a tabbatar, sannan a karɓi kuɗi. Kwastoma ya ce yana so, ka ce ya ba ka minti goma. Ka tambayi dila, ba "akwai?" kawai ba, domin amsar wannan tambaya kullum "akwai" ce. Ka tambaye shi kala kaza, lamba kaza, guda nawa suka rage yanzu, kuma ya ɗauko ya yi maka hoto a hannunsa. Gani ya kori ji. Ya ware, ka ba kwastoma lambar asusu da sharaɗin ya biya cikin awa ɗaya ko biyu, da alat ya shigo ka tura wa dila nan take. Na san wasu na ganin wannan jinkiri zai kori mai saye. A ganina wanda ya jira minti goma aka ce masa an ware masa ya fi natsuwa da kai a kan wanda aka karɓe wa kuɗi nan da nan, bayan kwana uku aka ce ya zaɓi wata kala.

Idan oda ta yi yawa har ba za a iya kiran dila a kan kowace ba, sai a koma ga barin rara. Kada ka tallata duk adadin da dila ya faɗa. Ka tambaye shi, ko ka lura da kanka na 'yan kwanaki, guda nawa ke fita a rana daga hannun kowa da kowa. Ka ninka wannan da kwanakin tazararka, ka cire daga adadin da ke ƙasa. In akwai arba'in, goma na fita a rana, kai kuma sai bayan kwana biyu kake sake tambaya, ashirin ba naka ba ne tun yanzu. Daga ashirin da suka rage ka sake rage biyar saboda kuskuren ƙirga da masu tabo, ka tsaya a sha biyar. In lissafin ya ba ka sifili ko ƙasa da haka, sauke hoton. Wannan shi ne abin da ya fi wa masu sayarwa wuya, domin hoton da ya kamata a sauke shi ne wanda ake ta tambaya. Ga masu Shopify, akwai wani akwati a shafin kowace haja mai suna "Continue selling when out of stock". In an kunna shi, shagon zai ci gaba da karɓar kuɗi ko da adadi ya kai sifili. Wanda ba ya riƙe kaya ya bar shi a kashe.

Daga nan ne za a gane illar tallata haja ɗari biyar. Ba wanda zai iya bin diddigin ɗari biyar kullum. Ashirin da ka san halin da suke ciki kowace safiya sun fi su amfani.

Kaya ba sa ƙarewa ba tare da alama ba. Kaloli sukan fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, lambobin tsakiya na takalmi ko abaya su riga na gefe tafiya. Dilan da ke amsa saƙo cikin minti biyar ya koma "bari in duba sito". Farashi ya motsa ba tare da dala ta motsa ba. Ya fara turo maka "mai kama da ita". A odar ƙasar waje kuma, a ba ka lambar bin sawun kaya amma kwana huɗu, biyar, ba ta nuna cewa kamfanin jigila ya karɓi komai ba: sau da yawa wannan na nufin an buga takarda ne kawai, kayan ba su zo hannu ba. Ka ga biyu daga cikin waɗannan a kan haja ɗaya, dakatar da tallanta ka bincika.

Batun dila na biyu kowa na faɗarsa, amma akasari rabinsa ake yi. Samun lambar wani dila ba shi ne samun madadi ba. Sai ka sayi samfur ɗaya daga kowannensu da kuɗinka, ka ajiye su gefe da gefe, ka duba nauyi da kala da ɗinki da tambari. Sannan ka tambaya a ina kowannensu yake sari, domin in duk daga mai shigo da kaya ɗaya suke ɗauka, rana ɗaya za su ƙare. Kuma ka riƙa ba na biyun oda jefi-jefi. Wanda bai taɓa cin kuɗinka ba ba zai ware maka kaya ana saura kwana biyar Sallah ba.

Kalanda ma tana da nata. A gida, goman ƙarshe na azumi da makonnin kafin Babbar Sallah da lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, tazarar da a da kwana biyu ba ta da haɗari takan zama awa biyu. A ƙasar Sin kuwa, sabuwar shekararsu tana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu da yawa kan rufe na makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu, kuma ba a dawowa aiki gaba ɗaya rana guda. A 2026 ta faɗo 17 ga Fabrairu, daf da fara azumi, wato hutunsu ya haɗu da lokacin da ake odar kayan Sallah. Akwai kuma hutun makon farko na Oktoba, da cunkoson cinikin 11 ga Nuwamba. Shafin dila yana iya nuna akwai kaya a duk waɗannan ranaku, amma babu mai ɗaurewa.

Farashi ma yana gudu a cikin tazarar nan kamar yadda kaya ke gudu. Daga Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, zuwa Fabrairun 2024, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500. Waɗanda suka karɓi kuɗin mutane a farashin safe suka je biya da na yamma sun ji a jikinsu. Ka rubuta wa kwastoma iyakar lokacin da farashinka yake aiki.

Kuɗin da ba naka ba tukuna

Ko an yi duk wannan, wata rana sai an riga ka. Abin da ke raba wanda zai tashi da wanda zai durƙushe shi ne ko yana iya mayar da kuɗi a ranar. Kuɗin kwastoma amana ne har sai kaya sun isa hannunsa. A buɗe masa asusu dabam, kada a taɓa ribar oda sai an ce an karɓa. Mafi munin abin da na gani a wannan harka shi ne biyan odar jiya da kuɗin odar yau. Yana tafiya lafiya muddin oda na ƙaruwa, ranar da ta ragu ko dila ya riƙe kuɗin kaya uku yana cewa sai sabon kaya ya sauka, rami ya buɗe. Don haka tun kafin a fara, a yi magana da dila a rubuce: in na biya babu kaya, cikin awa nawa kuɗina ke dawowa? In an aika wata kala, wa ke biyan webil na dawowa?

Kwastoma kuma a gaya masa da wuri, kafin ya tambaya. A ba shi zaɓi a fili: kuɗinsa yau, ko ya jira zuwa rana kaza, ko ga wani samfur ya gani ya yarda. Kada a taɓa aika madadi ba da saninsa ba da fatan zai haƙura. Kuma kada a ce "dila ne ya yi min haka". Shi bai san dila ba, da kai ya yi ciniki. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mai saye damar neman haƙƙinsa a wajen wanda ya sayar masa. Manyan dandali ma haka suke kallon abin: Amazon yana so odar da mai sayarwa ya soke kafin aikawa ta gaza kashi 2.5 cikin ɗari, eBay kuma yana lissafa sokewa saboda ƙarewar kaya a matsayin aibi a kan mai sayarwa, kuma iyakar da ya sa kashi 2 ce. A tuna da biyar cikin ɗarin Zappos, za a ga cewa dogaro da lissafin dila kaɗai ya isa ya jefa mutum cikin matsala da su.

Ga Musulmi akwai wata fuska da ba a tsallake ta. Hadisin Hakim bin Hizam, wanda Abu Dawud da Tirmizi da wasunsu suka ruwaito, kusan wannan sura ya zana: mutum ya zo neman abin da ba ka da shi, ka sayar masa, sannan ka tafi kasuwa nema. Manzon Allah (SAW) ya hana shi wannan. Malamai sun bayyana cewa daga cikin dalilan hanin akwai rashin tabbacin iya miƙa kayan, wato dai haɗarin da muke ta magana a kai. Sun kuma yi bayanin hanyoyin da shari'a ta buɗe. Akwai wakilci ko dillanci, inda kake sayarwa a madadin mai kaya da saninsa, kana karɓar la'ada, kuma mai saye ya san matsayinka. Akwai alƙawari ba ciniki ba, ka ce zan nemo maka, sai ka mallaka sannan a ƙulla. Akwai kuma salam, inda ake biya gaba ɗaya tun farko a kan kaya masu siffa sananniya da adadi sananne da lokaci sananne, nauyin kawowa kuma yana wuyanka ko dilanka ya samu ko bai samu ba. Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kan wasu surorin dirofshifin, musamman inda dila ke aikawa kai tsaye kafin kaya su shiga hannunka ko na wakilinka, saboda haka kowa ya kai ainihin tsarin cinikinsa gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki. Abin da ya ja hankalina shi ne kowace daga hanyoyin nan uku tana tilasta maka faɗin gaskiyar inda kaya suke da wanda zai ɗauki asara. Hausawa ma sun daɗe da cewa ba a cinikin biri a sama.

Saura mataki ɗaya, wanda masu koyar da sana'ar ba sa son faɗa domin yana rushe tallarsu. Bayan wata uku ko huɗu kana rubuta kowace oda a littafi, da wadda ta tafi da wadda aka ce ta ƙare, za ka ga haja uku ko huɗu ne ke kawo mafi yawan cinikinka, kuma su ne suka fi ba ka kunya. Waɗannan ka saye su da ribar da ka tara, ko da guda goma-goma ne, ka ajiye a ɗakinka ko a ware maka a shagon dila da rasit. Sauran ka ci gaba da gwada su ba tare da ajiya ba. Wannan shi ne amfanin dirofshifin na gaskiya: hanya ce ta gano abin da mutane ke so kafin ka zuba kuɗi, ba hanyar zama ɗan kasuwa har abada ba tare da haja ba.

Mai karatu, in kana cikin wannan sana'a, yau ɗin nan ka buɗe sitatus ɗinka ka ƙirga hotunan da ke kai. A kan kowanne ka tambayi kanka yaushe rabon da ka tabbatar da adadinsa daga bakin dila. Duk wanda ya wuce kwana biyu, sauke shi har sai ka tambaya.